Ranar da Kafinta Bai Buga Ƙofa Ba

Shekara ta zagayo Direba bai taka shagon yayansa ba. Idan aiki ya bi da shi ta layin, kansa yake kafewa a kan kwalta, ya danna mai, har fasinjan bas ɗin su fara mita. Yau ma ba don ransa ya so ba ya zo. Babbar yayarsu ce, wadda kowa ke kira Gwaggo har da su ƙannenta, ta je tasha ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta tokare da hannu, ta ce ba mai hawa sai ya yi mata alkawari. Da ya ga mutane sun fara taruwa kallo sai ya ce to.

Abin da ya raba su ba ɓoyayye ba ne a layin. Wata safiya Kafinta, wato yayan, ya fito da tsohon teburin aikin mahaifinsu waje don ya sha iska, Direba kuma ya zo da bas yana baya-baya bai gani ba, ya murƙushe shi. Kafinta ya fito ya kwaɗa masa mari, matar Direba na tsaye tana kallo. Mutum mai furfura a gemu, a mare shi a titi! Direba ya rama da naushi, haƙora biyu na gefe suka fita daga bakin Kafinta, waɗanda yake tauna da su. A ranar ne babban ɗan Kafinta, wani ƙato mai aikin walda da ake kira Guduma, ya rantse a gaban jama'a cewa duk randa hannun baffansa ya sake taɓa ubansa, sai ya karya hannun nan. Direba bai ɗauki maganar da wasa ba. Ya san yaron tun yana rarrafe, kuma shi Direba da hannun nan yake ciyar da gidansa.

Gwaggo ta zaɓi ranar da ba a aiki, ta zaɓi ɗakin bayan shago, don kada wani ya ce an kai shi gidan wani. Ɗakin ƙarami ne, warin fenti da gam ya riƙe bangonsa. An ture wata kwaba da ba a gama ba zuwa lungu, an share garin katako sama-sama, an ɗora faranti a kan wani tebur da mai shi bai zo ɗauka ba. Shinkafa ce da nama. Naman na tsohuwar saniya ne, duk jijiya, Gwaggo ta dafa shi iya ƙoƙarinta ya ƙi.

Su huɗu suka zauna. Kafinta a kujerarsa mai hannu, siririn dattijo mai dogon wuya, hularsa a goshi. Guduma bai zauna sosai ba, ya ɗosana ɗuwawu a kan benci kusa da ƙofa, hannuwa a harɗe, yana kallon baffansa kamar an ba shi gadinsa.

"Ku ci," in ji Gwaggo. "Ba wanda zai yi mini magana da yunwa a cikinsa. Kai, gaishe da yayanka."

"Ina wuni, Yaya," in ji Direba, idonsa a kan faranti.

"Wa ke magana?" Kafinta ya tambayi bango. "Gwaggo, kin zo da baƙo ne?"

Guduma ya yi dariya ta hanci.

"Kai kuma rufe mini baki," in ji Gwaggo. "Da aka haifi waɗannan biyun ni na wanke su. Kai a lokacin ko labarinka babu."

Aka fara ci. Ba ƙarar komai sai ta cokali. Direba ya lura yayansa da gefe ɗaya yake tauna, yana karkata kai kamar kaza tana kallon sama, idan naman ya gagare shi sai ya haɗiye shi haka nan. Ya kawar da ido. Bai zo don ya ji tausayin kowa ba.

Gwaggo ta ajiye cokali ta fara. Ta ambaci uwa ɗaya uba ɗaya, ta ambaci tsufa, ta ce ita ba za ta mutu ta bar ƙannenta suna wuce juna a titi kamar ba su taɓa kwana a tabarma ɗaya ba. Ta ce ƙarami ya ba babba haƙuri, babba ya karɓa, a wuce wurin.

"Na ba shi haƙurin tebur tun a ranar," in ji Direba. "Kafin in rufe baki ya mare ni."

"Tebur?" Kafinta ya juyo, karon farko ya dube shi. "Tebur ka kira shi? A kansa tsoho ya koya mini riƙon zarto, lokacin kai kana yawon bin motoci kana rataye a bayansu kamar biri."

"Birin nan ne ya yi ta kai tsohon asibiti da ya kwanta. Kai kana nan kana shafa katako."

"Baffa, ka iya bakinka," in ji Guduma.

"Da ubanka nake. Idan na gama da shi ka ɗauki lamba ka bi layi."

"Ka ji ko, Gwaggo? Ka ji sulhun?" Kafinta ya cika cokali ya tura a baki, da wata ƙatuwar tsoka a kai, bai daina magana ba. Halinsa ke nan tun yana saurayi: ba ya yarda wani ya sa baki a tsakanin lomarsa da maganarsa. "Ni za a kawo wa wannan marar kunyar har shagona, ya ci abincina..."

"Nawa ne abincin," in ji Gwaggo.

"...ya zauna a kujerar da na ƙera, ya ce mini..."

Sai tari ya sarƙe shi. Tari ne mai ƙarfi, mai ƙara, har hularsa ta zame. Ya dafa tebur yana yi, ido ya kawo ruwa. Gwaggo ta yi wuf ta miƙa kofi.

"Sha, sha ruwa ya wuce."

"Kada ki ba shi," in ji Direba. "Ku bar shi ya yi tarin. Tunda yana tari, iska na shiga. Yi ta yi, Yaya."

"Likita ya yi magana," in ji Guduma. "Daga tuƙin bas sai duba marasa lafiya."

Da Kafinta ya ci gaba da tarin nan, wataƙila da abin ya fito a kan faranti an yi dariya an wuce. Amma ƙanensa ne ya ce ya yi tari, shi kuwa ba a haife shi don ya bi umarnin ƙanensa ba. Ya danne tarin da ƙarfi, ya ɗaga yatsa zai ƙarasa zagin da ya fara, ya ja numfashi mai tsawo don muryar ta fito da kyau.

Muryar ba ta fito ba. Bakinsa ya buɗe ya rufe. Ya daki tebur da tafin hannu har cokula suka yi tsalle, ya miƙe, kujera ta faɗi ta baya, ya juya ya fita ta ƙofar da ke kai wa tsakar bayan shago.

"Shi ke nan," in ji Gwaggo, ta saki kafaɗu. "Ya yi zuciya. Duk wahalata ta tashi a banza."

"Ka ji daɗi, Baffa?" in ji Guduma. "Ka kore shi daga ɗakinsa."

Ba wanda zai ga laifinsu. Duk wanda ya san Kafinta ya san yadda yake rufe rigima: ya daki tebur, ya tashi, ya fita. Sun gan shi ya yi wa masu sayen kaya haka, ya yi wa surukai haka, ya yi wa Gwaggo kanta. Idan ya fita ba a bin sa, wanda ya bi shi ya sha zagi har da na kakanninsa.

Direba ya ɗauki cokali zai ci gaba da cin abincinsa, don ya nuna bai damu ba. Cokalin ya tsaya a hanya. Ƙofar ce ta dame shi. Tana nan a buɗe, tana lilo a hankali. Tun suna yara Yaya bai taɓa fita cikin fushi ya bar ƙofa haka ba. Sai ya buga ta har ƙura ta zubo daga rufi, kuma daga bayanta sai an ji maganar ƙarshe, don ba ya barin wa kowa ita. Yau shiru. Ba zagi, ba tsaki, ba ko gyaran murya. Mutumin da yanzun nan yake tari kamar ƙirjinsa zai tsage, tarin ya ɗauke ɗif. Ga hularsa a ƙasa bai ɗauka ba. Sannan da ya juya zai fita, Direba ya ga hannunsa na hagu ya kama wuya.

Kamfanin bas ɗinsu na tilasta wa direbobi zama a wani ɗaki duk shekara, wata mata ta zo da mutum-mutumin roba ta koya musu taimakon gaggawa. Suna zuwa ne don dole, suna yi wa robar ba'a. Amma akwai maganarta ɗaya da ta zauna masa: mai tari da ƙara bar shi ya yi, wanda ya yi shiru shi ne a bakin mutuwa, kuma babban mutum idan abu ya tsaya masa a maƙogwaro kunya ke sa shi ya tashi ya ɓuya, sai dai a tsinci gawarsa a banɗaki.

Ya dubi Guduma. Ya dubi damatsan nan da suka saba da ɗaga ƙarfe. Idan ya bi Yaya ya tarar fushi ne kawai, ya jawo wa kansa wulaƙanci. Idan kuwa ba fushi ba ne, abin da zai yi sai da duka, kuma da hannun da aka rantse a kansa.

Ya ture kujera ya tashi.

"Ina za ka?" in ji Guduma.

"Fitsari. Ko shi ma sai da izininka?"

Tsakar bayan shagon 'yar ƙarama ce, an jingina katakai a bango, ga famfo da kwatami a lungu. Can ya hango Kafinta, ya dafa famfo da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya cusa yatsu a baki yana lalube. Kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka, ƙirjin na fama, amma ba abin da ke shiga. Wata 'yar ƙara siririya ta fito sau ɗaya, kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, daga nan babu.

Direba ya fizge hannun daga bakin. "Cire! Ƙara tura shi za ka yi." Ya leƙa fuskarsa. Idanun sun firfito, jijiyoyin wuya sun tashi, leɓen sun fara yin toka-toka. "Yaya, naman ne ya tsaya? Za ka iya magana? Yi tari in ji!"

Kafinta ya girgiza kai. Ko a wannan halin sai da ya sa gwiwar hannu ya ture shi.

"Ture ni gobe. Gwaggo!" Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. "Gwaggo! Kira motar asibiti! Ba ya numfashi!"

Ya tsaya a gefensa, ɗan baya kaɗan. Ya sa hannun hagu ya tallafi ƙirjin, ya sunkuyar da shi gaba sosai, kai ya yi ƙasa, don abin da zai taso ya fito ta baki kada ya koma ciki. Ya ɗaga hannun dama, ya sauke gindin tafin a tsakanin allunan kafaɗa, da ƙarfi, ba lallashi. Ya leƙa bakin. Babu. Ya sake, ya leƙa. Ya sake.

Abin da Guduma ya tarar ke nan da ya faɗo tsakar gidan. Ihu kawai ya ji daga ɗaki, bai tsaya ya fahimci kalma ko ɗaya ba. Ya ga ubansa a duƙe ba hula, ya ga baffansa a kansa yana jibgarsa. Bai tambaya ba. Mai jiran laifi shekara guda ba ya tambaya. Ya zari wani guntun katako daga jikin bango.

"Na faɗa maka! Wallahi na faɗa maka!"

Duka na huɗu ya sauka. Direba ya ɗaga hannu zai yi na biyar, katakon ya same shi a tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ya ji ƙarar a cikin haƙoransa. Duniya ta yi fari.

Bai saki yayansa ba. Ya zagaya bayansa, ya rungumo shi ta ƙugu, ya dunƙule hannun da aka daka ya ɗora a ciki, sama da cibiya, ƙasa da ƙarshen ƙashin ƙirji. Ya kama dunƙulen da hannun hagu, ya fizgo ciki da sama lokaci guda. Zafin ya harba har ƙeyarsa. Ya sake fizga.

Guduma ya ɗaga katakon karo na biyu. Gwaggo ce ta rataya a hannunsa, da wayarta manne a kunne, tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba.

"Jaki! Ɗan banza jaki! Dubi fuskar ubanka! Fuskarsa za ka duba!" Sannan ta koma wa wayar: "E, shagon kafinta, bayan gidan mai. Nama ne ya maƙale masa. Ku yi sauri don Allah."

Guduma ya duba. Katakon ya suɓuce daga hannunsa.

Direba ya cika fizga ta biyar, kuma shi kansa ya san ukun ƙarshe ba su da ƙarfin da za su fitar da komai. Yatsun hannun dama sun ƙi dunƙulewa. Kafinta ya yi nauyi a jikinsa, gwiwoyinsa sun fara saki. Idan ya sume sai a kwantar da shi a ƙasa a koma danna ƙirji, kuma wannan hannu biyu lafiyayyu yake so.

"Zo nan," ya ce wa Guduma. "Tsaya a gefensa. Sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ka duƙar da shi. Ƙasa! Yanzu daki nan, tsakanin kafaɗu, da gindin tafi."

"Baffa, ubana ne. Ba zan iya..."

"Daki!"

Guduma ya ɗan bubbuga bayan, kamar mai rarrashin jariri.

"Wannan ne duka? Ƙarfin da ka sa a hannuna ina ka kai shi? Mutuwa yake yi, sakarai! Daki!"

Ƙaton ya rufe ido ya daka. Jikin Kafinta gaba ɗaya ya girgiza.

"Buɗe idonka ka duba bakin. Ya fito? Sake."

Direba na ƙirgawa da ƙarfi, Gwaggo na salati tana maimaita wa mai wayar abin da ake yi. Biyar suka cika, ba abin da ya fito.

"Koma bayansa. Zagayo da hannuwanka. Dunƙule ɗaya." Direba ya kama ƙaton dunƙulen da hannun hagu ya sauke shi daga inda Guduma ya ɗora. "Ba kan haƙarƙari ba, karya su za ka yi. Nan, saman cibiya. Kama da ɗayan. Ka ja zuwa gare ka da sama, fizga ɗaya, kamar za ka ɗaga shi. Ja!"

Guduma ya ja. Ƙafafun ubansa suka bar ƙasa.

"Sake!"

A ta uku ne abin ya fito. Ya faɗa cikin kwatami, tsoka ce da jijiya a jiki, ko alamar haƙori babu a kanta. Kafinta ya ja wata iska mai ƙara kamar ana yaga buhu, tari ya biyo, sai amai, sai wani tarin. Guduma ya zaunar da shi a kan wani kututture yana riƙe da shi, hawaye da majina sun haɗe masa a gashin baki.

Gwaggo ta zube a ƙasa inda take. "Alhamdu lillahi. Ya fito," ta ce wa wayar. "A'a, ku zo dai. Yanzu ma mutum biyu ne."

Direba ya jingina da bango ya rungume hannunsa a ƙirji. Har ya kumbura, ya yi sumul kamar gora. Ba wanda ya dube shi sai da Kafinta ya sami numfashin magana, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa, da murya kamar ana goga katako, shi ne:

"Wa ya ce... a kira mota? Ba inda za ni."

"Za ka," in ji Direba.

"Ba da kai nake ba."

"An matsa cikinka sau takwas, uku daga hannun wannan bijimin. Wani abu na iya fashewa a ciki ba ka sani ba sai dare ya yi. Kuma ba mu san ko wani guntu ya sauka huhu ba. Likita zai duba ka ko kana so ko ba ka so."

"A shagona kake ba ni umarni?"

"A bakin kwataminka ma. Ka tashi ka mare ni in kana da ƙarfi."

Gwaggo ta ɗebo ruwa a kofi za ta miƙa, ta dubi Direba, ta tsaya.

"Ya kurkure baki ya zubar," in ji shi. "Sha kuma sai sun gan shi."

Masu motar asibitin su biyu ne, mace da namiji. Macen ta saurari ƙirjin Kafinta, ta tambayi abin da aka yi da yadda aka yi, ta gyaɗa kai, ta ce lallai sai an tafi da shi. Namijin ya ɗaure hannun Direba da ƙarfe mai laushi ya rataya masa a wuya. Aka sa su a mota ɗaya, ɗaya a kwance ɗaya a zaune, gwiwar wannan na gogar gadon wancan a kowace kwana. Har aka isa Kafinta na kallon rufi, Direba na kallon yadda matuƙin ke shan kwana, yana tsaki a ransa.

A asibiti labule ɗaya ne ya raba gadajensu. Aka danna cikin Kafinta, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce ba a ga ɓarna ba amma zai kwana a sa masa ido. Hoton hannun Direba kuwa ya nuna ƙashi ɗaya ya tsage. Likitan ya ce za a sa filasta mai sandarewa ta riƙe ƙashin, kuma ya manta da sitiyari sai bayan wata biyu, in an yi sa'a. Direba ya shiga tunanin fuskar mai rabon motoci a tasha, mutumin da ba ya ajiye wa kowa bas ko na mako guda.

Guduma na tsaye a bakin labulen tun ɗazu, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Baffa..."

"Matsa, ka tare mini iska."

"Baffa, wallahi na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. Katako ka ɗauka. Ka cika rantsuwarka, sai ka je ka huta."

Nas ɗin da ke jiƙa filasta ta ɗago kai. Mace ce mai jiki, ba ta da alamar wasa. "Wannan ba faɗuwa ba ce, Baba. Dukan abu mai nauyi ne. Wa ya yi maka?"

Direba ya dubi bango. Guduma ya sunkuyar da kai. Gwaggo, da ke zaune a kan kujerar roba da takalmanta a hannu, ta buɗe baki za ta ce katako ne ya faɗo daga jingine.

"Ɗana ne."

Muryar daga bayan labule ta fito, a shaƙe, kowace kalma sai an ja ta.

"Ɗana ne ya dake shi. Ni na cika masa kunne shekara guda. Idan hukuma za a kira, ni za a kira wa."

Nas ɗin ta dubi Direba. "A kira?"

"Naɗa mini abin nan in tafi gida," in ji shi.

Ta ci gaba da naɗi. Filastar na da sanyi, sannan ta fara ɗumi. Daga bayan labule aka ji gado ya yi ƙara, aka ji nishi, Kafinta na gyara kwanciya da cikinsa mai ciwo.

"Kai," ya ce.

Direba ya kawar da kai gefe.

"Da kai nake, mai kunnen ƙashi. Gobe da sassafe wannan jakin zai je tasharku ya faɗa wa shugabanku da bakinsa abin da ya yi. Idan suka ba wani motarka, ni zan je da kaina."

"Ban roƙe ka ba."

"Ni ma ban roƙe ka ka biyo ni ba."

"To mun yi daidai."

"Ba mu yi ba," in ji Kafinta, tari ya ɗan taso masa ya lafa. "Ba mu yi ba. Gwaggo, ja labulen nan in ga hannun."

Gwaggo ta tashi da ƙyar ta ja labulen. Kafinta ya daɗe yana kallon farar filastar, daga gwiwar hannu har yatsu. Direba ya bar shi ya kalla.